Na iya zana makanizim da ka, amma tsohuwar tambaya ta kayar da ni

'Yar_Aji_Biyu
Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu oganik don Allah ku zo ku raba ni da wannan abu, saura sati uku mu shiga jarrabawa. Tun tsakiyar samista nake bin shawarar da aka ba ni: in karanta makanizim, in rufe littafi, in zana shi da ka, sannan in buɗe in duba. Na cika littafin rubutu guda da rabi da kibiyoyi. E1 na cire ruwa daga alkohol kam ko daga barci aka tashe ni zan zana shi.

Jiya na ɗauko faskiyu don in gwada kaina. Tambayar ta ce a nuna abin da zai fito idan aka dafa (CH3)3C–CH(OH)–CH3 da H2SO4 mai ƙarfi, a kuma zana makanizim. Ban yi minti uku ba na gama, na samu (CH3)3C–CH=CH2, har ina murmushi. Da na duba amsa sai na ga (CH3)2C=C(CH3)2. Wallahi sai da na ajiye biro. Tambayata: wannan hanya ta zane da ka tana aiki kuwa, ko ɓata takarda kawai nake yi?

Na_Bayan_Aji
Wa alaikumus salam. Barka da shigowa ƙungiyar waɗanda metil ya yi wa ƙaura ba sallama. Muna da yawa, akwai kujera.

Ɗan_Famasi
Ƙanwata hanyarki ba ta da laifi, doka ɗaya kika manta. Duk inda kika ga kabokatayon, to sai an yi ƙaura, ko H ya matsa ko CH3 ya matsa. Ki rubuta wannan a saman takardarki kafin ki fara kowace tambaya, shi ke nan.

Malam_Mai_Alli
@Ɗan_Famasi a'a, ba duk inda aka gan shi ba. In ta riƙe wannan za ta gyara tambaya ɗaya ta ɓata uku. Bari in fara tambayar mai tambaya. @'Yar_Aji_Biyu, da wane alkohol kika yi ta maimaita zanen nan naki?

'Yar_Aji_Biyu
Malam, wanda ke cikin not ɗinmu ne, CH3CH(OH)CH2CH3. Shi na zana ya fi sau goma.

Malam_Mai_Alli
To ga inda gizo ke saƙar. Wannan alkohol ɗin naki, idan ruwa ya fita, kabon mai cajin yana riƙe da kabon biyu, wato 2°. Ko da H na maƙwabci ya matso, wani 2° ɗin za a sake samu, ba riba. Don haka a zanen da kika haddace babu inda aka tsaya aka leƙa gidan maƙwabci. Hannunki ya koyi tafiya daga fitar ruwa kai tsaye zuwa cire H. Sau goman da kika zana, sau goma kika ƙara koya masa tsallake wannan tsayawar.

Mu bi tambayar taki a hankali. Sa wa kabon lamba tukuna, kada ki taɓa fara zane ba lamba: CH3 na gefe shi ne 1, mai OH shi ne 2, mai metil uku shi ne 3.

Da farko oksijin yana miƙa tagwayen ilektiron ɗinsa ya ɗauko H daga asid, sai OH ya zama OH2 mai caji +. Kibiya biyu ke nan, ɗaya daga oksijin zuwa H, ɗaya daga bon ɗin H zuwa abin da ya bari. Dalilin wannan mataki shi ne OH⁻ ba ya yarda ya fita, amma ruwa yana fita cikin sauƙi. Sai bon ɗin C–O ya tsinke, ilektiron su bi oksijin, ruwa ya tafi, kabon na 2 ya zauna da +. Har nan na tabbata daidai kika yi.

Nan ne ake ajiye biro a duba hagu da dama. Kabon na 3 ba shi da H ko ɗaya, amma yana da metil uku. Idan metil ɗaya ya tashi da ilektiron biyun da ke ɗaure shi ya koma kan kabon na 2, cajin zai koma kan na 3, wanda yanzu yake riƙe da kabon uku. An tashi daga 2° zuwa 3°, kuma 3° ya fi natsuwa nesa ba kusa ba. Abin da kike da shi yanzu shi ne (CH3)2C⁺–CH(CH3)2. Kibiya ɗaya ce, gindinta a kan bon ɗin C–CH3, kanta a kan kabon na 2. A ƙarshe ruwa ya zare H ɗin da ya rage a kan kabon na 2, ilektiron ɗinsa su faɗa tsakanin 2 da 3, ki samu (CH3)2C=C(CH3)2. Kibiya shida duka-duka.

Amsarki ma ba ƙarya ba ce ɗungurungum. Yana fitowa, amma ɗan kaɗan ne ainun. Mafi yawa wancan ne mai metil huɗu kewaye da dabul-bon, sai CH2=C(CH3)–CH(CH3)2 ya biyo baya.

'Yar_Aji_Biyu
Allah ya saka da alheri Malam. Abin haushin shi ne na san ƙaurar metil, akwai ta a wani shafi daban, na ma zana ta da ka. Kawai ban taɓa haɗa su a kaina ba.

Sarkin_Hadda
Ni fa ban ga abin wahala ba. Haddarki ce ba ta cika ba. Ni faskiyu na shekara shida na tara, na haddace amsar kowace makanizim, kuma na ci kwas ɗin lafiya lau. Lakcarori maimaita tambaya suke yi, kowa ya sani. Da kin haddace wannan ɗin tun farko da ba ki faɗi ba. Mu da muka taso da allo, a rubuta a wanke a sake rubutawa da ka, me zai gagare mu?

Mai_Kari_Oba
@Sarkin_Hadda ka yi sa'a ne, ka gode wa Allah ka yi shiru. Ni hanyarka na bi sak. Shekarar da na zauna aka canza mai ɗaukar kwas ɗin, sabon ya kawo tambayoyin nan dai da na sani, amma ya ƙara wa wannan metil, ya mayar da wancan zobe. Ina kallon tambaya ina jin na san ta, kamar ka haɗu da mutum a kasuwa ka san fuska ka rasa suna. Na zana abin da ke kaina, aka ba ni abin da na cancanta. Sunana a nan ba ado ba ne.

Zancen allo kuma, abin da ake rubutawa a allo ba ya canzawa, yadda yake jiya haka yake yau. Shi kuwa mai jarrabawa aikinsa ke nan ya canza maka.

Uwar_Biyu
Sannunku da ƙoƙari. Ni ma ɗana zai rubuta WAEC bana, kemistiri na ba shi wuya, musamman daidaita ikweshan da sunayen sinadarai. Wannan rufe littafin a rubuta da ka zai yi masa? Ko akwai littafin faskiyu da za ku ce in saya masa?

Anti_Lab
@Uwar_Biyu Hajiya, abin da ake magana a kai na jami'a ne, zanen yadda ilektiron ke tafiya mataki-mataki. Na ɗanki bai kai nan ba tukuna. Amma rufe littafi ya gwada kansa zai amfane shi, ya riƙa amsa tambaya kafin ya leƙa amsa. Allah ya ba shi sa'a.

Komawa kan @'Yar_Aji_Biyu. Ni ma da zane da ka na fita, amma sai da na gyara yadda nake yinsa. Da farko kan magana nake rubutawa a sama, in sa "E1" sannan in zana. Daga baya na gane na riga na ba kaina rabin amsa. A ɗakin jarrabawa ba wanda zai ce miki E1 ce, abin farawa da abin da aka zuba masa kawai za ki gani, ke za ki gano sauran. Sai na yanka takardu ƙanana, a gaba in rubuta tambayar kamar yadda ta zo a faskiyu, a baya in rubuta shafin da amsar take. In cakuɗa su kamar karta, in zaro ɗaya.

Abu na biyu, duk kibiyar da zan ja sai na faɗi dalilinta da baki. In na kasa faɗa, ko da zanen ya yi daidai, kuskure nake lissafa shi. 'Yan ɗakinmu har sun fara cewa na samu taɓuwa, ina zaune ina ce wa takarda "kai me ya sa za ka tafi?"

Gyara kuma da jan biro nake yi, ba na gogewa. Ranar da na tara takardun sati biyu na duba jan, sai na ga ashe kuskure uku ne kawai nake ta maimaitawa a tambayoyi daban-daban.

Na_Bayan_Aji
Anti wane uku ne? A taimaka wa na baya.

Anti_Lab
Na farko, ina fara kibiya daga H⁺ zuwa dabul-bon. H⁺ ba shi da ilektiron ko ɗaya, me zai bayar? Kibiya daga mai shi take tashi ta je wurin mabuƙaci. Na biyu, ina mantawa da caji a tsakiyar hanya, in fara da + in ƙare mataki ba komai, ban san inda ya shiga ba. Na uku, kabon mai hannu biyar. Wannan ya fi zuwa in ina sauri, in kawo sabon bon ban tsinke tsoho ba.

Ɗan_Famasi
Wannan na H⁺ ɗin ai har a cikin amsoshin faskiyu da ake sayarwa a wurin masu hoton takarda na gan shi. Wani ɗalibi ne ya warware, aka buga, aka yi ta yaɗawa shekara da shekaru. Wanda ke duba zanensa da irin wannan, kuskure yake haddacewa da kyau.

Amma Malam, ban janye maganata gaba ɗaya ba. A jarrabawa in ka ga an kawo kabokatayon mai rassa a kusa, ƙaura ake nema. Ban taɓa ganin akasin haka ba.

Malam_Mai_Alli
Yanzu ka matso kusa, tunda ka ƙara "mai rassa a kusa". Amma reshen ma sai ya kasance a jikin maƙwabci na kusa, kuma ƙaurar ta kai ga wanda ya fi natsuwa. In cajin tun farko a kan 3° yake, kamar wanda ke fitowa daga (CH3)3C–OH, ina za shi? Yana gidansa.

Ga aiki ga duk mai so, kada a leƙa littafi. A ɗauki CH3–CH(OH)–CH(CH3)2. A fara dafa shi da H2SO4, a faɗi babban abin da zai fito. Sannan a sake ɗaukarsa a zuba masa HBr. @'Yar_Aji_Biyu ke nake jira musamman.

Sarkin_Hadda
Na farkon (CH3)2C=CH–CH3 ne. Yana cikin waɗanda na haddace. Kun gani ko?

'Yar_Aji_Biyu
Malam na yi. Na sa lamba, ruwa ya fita, + yana kan kabon na 2. Na tsaya na leƙa maƙwabci kamar yadda ka ce. Na 3 yana da H ɗaya da metil biyu. In metil ya matso, cajin zai koma kan kabon mai riƙe da biyu, ba riba. In H ne ya matso da ilektiron ɗinsa, sai in samu CH3CH2–C⁺(CH3)2, wato 3°. Daga nan na cire H na samu (CH3)2C=CH–CH3, daidai da na Sarkin_Hadda.

Amma wani abu ya ɗaure min kai. Na sake zanawa ba tare da ƙaurar ba, na cire H na kabon na 3 kai tsaye, sai ga shi abu ɗaya na samu! To wanne ne daidai?

Na HBr kuma na samu CH3CH2–CBr(CH3)2.

Malam_Mai_Alli
Madalla, abin da nake so ki gani da idonki ke nan. A tambayar farko, da ƙaura da babu ƙaura duk gida ɗaya suke kaiwa, kuma a cikin kwalba duka hanyoyin a buɗe suke. Wanda ke duba amsar ƙarshe kawai zai sa wa kansa maki ya wuce, bai san ko ya iya leƙa maƙwabci ko bai iya ba. Sai an zuba HBr asiri ke tonuwa, domin Br⁻ yana zama ne daidai inda cajin yake. Wanda bai yi ƙaura ba zai sa Br a kan kabon na 2, wanda ya yi zai sa shi a kan na 3, kuma na biyun ne ke rinjaye. Naki daidai ne.

Shi ya sa in kina duba zanenki, layi-layi za ki bi, ba ƙasan shafi kawai ba. @Sarkin_Hadda, kai ba ka ba mu na HBr ba.

Sarkin_Hadda
Malam wannan bai fito a shekarun da na tara ba.

Na_Bayan_Aji
Innalillahi. Sarki ya faɗi a fadarsa.

Sarkin_Hadda
Ku yi dariyarku. Amma ku faɗi gaskiya, akwai abin da dole sai an haddace. Wa zai zauna ya gano da tunaninsa cewa HBr a kan dabul-bon in an sa masa ROOR juyawa yake yi, Br ya koma kabon na gefe? Ko cewa HCl ba ya yin hakan? Wannan sai dai an gaya maka ka riƙe.

Malam_Mai_Alli
A nan kana da gaskiya, ba zan ƙwace maka ba. Su kansu masanan sun daɗe suna samun sakamako mai saɓa wa juna a kan HBr, har sai da Kharasch da Mayo suka nuna a 1933 cewa ferokzayid, wato ROOR ɗin nan, shi ne ke juya lamarin. Abin da ya ɗauki masana shekaru ba ɗalibi zai gano shi a minti goma ba. Abin da ake zubawa da yanayin da ake yi, haddace su ake yi. Amma da zarar ka riƙe cewa ROOR na nufin radikal, sauran ginawa ake yi: kibiya mai rabin kai, ilektiron ɗai-ɗai, Br ne ke fara shiga, ya kama kabon na gefe don radikal ɗin ya zauna a wurin da ya fi natsuwa. Kuma tunda babu kabokatayon, kada ka kawo ƙaurar H ko ta metil a nan. @Ɗan_Famasi ka ji wani wurin da dokarka za ta kai mutum rami, ga rassa a kusa amma ba a ƙaura.

Gwanin_Dare
Ku yi haƙuri zan ɗan karkata, tunda Malam na kusa. Ni matsalata haɗa esta ce, CH3COOH da CH3CH2OH a cikin asid. Kullum in na zana da ka sai in ga nawa ya fi na littafi gajarta, kuma esta ɗin da nake samu daidai ne. Ina cire H daga alkohol in samu CH3CH2O⁻, ya kai hari kan C=O, sai OH⁻ ya fita. Mataki uku na gama. A tes aka ba ni maki ɗaya cikin shida. Ni ina ganin zalunci ne.

Anti_Lab
Ba zalunci ba ne ɗan'uwa, an ma yi maka kara. Kana cikin H2SO4 fa. pKa na CH3CH2OH wajen 16 ne, wa zai cire masa H a cikin asid mai ƙarfi? Kuma ko da CH3CH2O⁻ ya samu, ga CH3COOH mai pKa wajen 4.8 a gabansa, H zai fizge ya koma yadda yake kafin ya yi tunanin wani hari. Haka OH⁻ ɗin da ka fitar. Ni abin da nake yi, kafin in ja kibiya ta farko sai in rubuta "asid" ko "bes" a kusurwar takarda. In asid ne, duk abin da zan zana a hanya ko dai mai + ne ko marar caji, ban da ragowar asid ɗin kansa irin HSO4⁻. In na ga O⁻ ya ɓullo a jikin abin da nake ginawa, na san na ɓata hanya tun kafin in buɗe littafi.

Naka, oksijin na C=O ne zai fara karɓar H, alkohol ya shigo da H ɗinsa a jiki, sannan ya sauke shi, ɗaya daga cikin OH ya karɓi H ya fita a matsayin ruwa, a ƙarshe a mayar wa asid H ɗinsa. Ya fi tsawo, amma kowane mataki na iya faruwa a cikin kwalbar da aka ba ka.

Gwanin_Dare
To na ji. Amma oksijin ɗin da ke cikin ruwan da ya fita, ta yaya aka san na asid ɗin ne ba na alkohol ba? Ko dai zato ne aka mayar doka?

Malam_Mai_Alli
An gwada. A 1938 Roberts da Urey suka haɗa C6H5COOH da CH3OH wanda aka ƙara wa oksijin mai nauyi, ¹⁸O. Da aka gama, mai nauyin a cikin esta aka same shi, ba a cikin ruwa ba. Ke nan alkohol ya shigo da oksijin ɗinsa, OH na asid ne ya tafi. In kana zane da ka, yi wa oksijin na alkohol ɗan tauraro ka bi shi har ƙarshe. In tauraron ya ƙare a cikin ruwa, ka tsinke bon ɗin da ba shi ba.

Mai_Kari_Oba
A dawo kan tambayar yarinyar nan, sati uku gare ta. Ni da na zo maimaita kwas ɗin ga abin da na yi, in zai yi miki amfani. Na baje faskiyu na shekara biyar a tabarma, ban amsa ko ɗaya ba, na ware su gida-gida: masu SN1 da SN2, masu E1 da E2, masu ƙari a kan dabul-bon, masu C=O, masu zoben benzin. Sai na ga tambaya wajen talatin amma gidajen ba su kai goma ba. A kowane gida na ɗauki ɗaya na koya da littafi a buɗe, sauran na ajiye su ban ko karanta amsarsu ba. Su ne na gwaji. In kika leƙa amsar duka tun ranar farko, kin ƙone su, ba ki da sauran abin auna kanki.

Wanda na zana yau, ba na sake shi yau. Sai gobe, sai bayan kwana uku, sai bayan sati. Zanen da aka yi minti biyu bayan rufe littafi hoton shafin ne ke cikin ido, ba komai ba.

Ɗan_Famasi
Ni a nan muka rabu. Sati uku ba lokacin ɓoye tambayoyi ba ne. Ta duba duka da amsoshinsu ta san abin da mutumin ke so. Akwai lakcaran da in ba ka mayar masa da zanen not ɗinsa sak ba, ko naka ya fi daidai, ba zai ba ka ba.

Anti_Lab
Akwai irinsu, ba musu. Amma yawanci bambancin a ƙananan abubuwa ne, wani yana son H⁺ kawai, wani sai ka zana H3O⁺ da kibiya biyu, wani yana haɗe matakan musayar H wuri ɗaya. Wannan a zama ɗaya za ta gane salonsa daga not. Ba shi ne zai sa ta ƙone tambayoyin gwajinta ba.

Ɗan_Famasi
Anti ba ki zauna ajin da na zauna ba ne.

'Yar_Aji_Biyu
Malam wata tambayar kuma. Na gwada canza abin farawa da kaina kamar yadda ka yi mana. Na ɗauki (CH3)3C–CH2–OH. Ruwa ya fita, + ya zauna kan CH2, metil ya yi ƙaura, na samu 3°. Amma wata 'yar aji uku ta ce kada in kuskura in zana + a kan CH2, wai za a soke.

Malam_Mai_Alli
Ta fi ki gaskiya a kan wannan. Kabokatayon na 1° ba shi da natsuwar da zai tsaya shi kaɗai a irin wannan yanayi. Abin da aka fi yarda da shi, metil yana matsowa ne a daidai lokacin da ruwa ke fita, kamar mai shiga ɗaki yana tura na bakin ƙofa. Sai ki ja kibiyoyin biyu a mataki ɗaya, ki sauka kai tsaye kan (CH3)2C⁺–CH2CH3. Amsar ƙarshe ba ta canza ba, hanya ce ta canza.

Wasu not ɗin suna zana na 1° ɗin don sauƙaƙa wa ɗalibi. In naku haka ya yi, to nan maganar Ɗan_Famasi ta shigo. Ni dai in ni ke maki, mataki ɗaya nake so.

Gwanin_Dare
To in naka not ɗin ya zana na 1°, babban littafi kuma ya ce a'a, wanne za ka rubuta ranar jarrabawa?

Mai_Kari_Oba
Na not, sannan ka ɗan rubuta a gefe cewa matakan biyu tare suke faruwa.

Sarkin_Hadda
Na not kawai. Rubutun gefe neman magana ne.

Anti_Lab
Ni zuwa zan yi ofishinsa in tambaya tun yanzu, ai saura sati uku.

Na_Bayan_Aji
Anti ke dai kin yi dacen lakcara mai buɗe ƙofa.

'Yar_Aji_Biyu
Na yanka takardun Anti daren jiya, ashirin da huɗu suka kama, na ware takwas ban duba amsarsu ba. Yaya Ɗan_Famasi ka yi haƙuri, na Mai_Kari_Oba na bi. Yau da asuba na zaro biyar. Uku sun tafi daidai har da dalili. Ɗaya na manta caji bayan NH3 ya kai hari, na bar naitirojin da hannu huɗu ba +. Ɗayar kuma CH2=CH–C(CH3)3 ne da HCl, na tsaya na leƙa maƙwabci, metil ya yi ƙaura, na samu (CH3)2CCl–CH(CH3)2. Amma amsar da ke bayan faskiyun nawa ta sa Cl a kan kabon na 2, ba ƙaura, wai bin dokar Markovnikov. Ni ce na ɓata ko takardar?

Ɗan_Famasi
Wace takardar? In irin ta masu hoton takarda ce, na riga na faɗa.

Malam_Mai_Alli
Duka biyun suna fitowa, naki ne mafi yawa. In tambayar ta ce babban abin da zai fito, ke ce da gaskiya. Ɗauko hoton tambayar ki turo, in ga yadda aka rubuta ta kafin mu ɗora wa mai amsar laifi.

'Yar_Aji_Biyu
To Malam, bari a kawo wuta in yi caji, wayar na kan kashi huɗu.